Ranar da GNP Ya Fito da Alamar Ragi: Bayanan Longley da Abin da VIF Yake Aunawa

A shekarar 1967 James W. Longley, masanin tattalin arziki a hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka, ya fitar da wani ɗan teburin alƙaluma mai layi 16 kacal, layi ɗaya ga kowace shekara daga 1947 zuwa 1962. Nufinsa shi ne ya gwada manhajojin kwamfuta na lokacin, ya ga ko za su iya fitar da amsar rigireshan daidai, wato lissafin da ke auna yadda wasu ma'aunai suke bayyana motsin wani abu. Ya fara samo amsar da injin lissafi na kan tebur, sannan ya ba manhajojin, kuma da yawansu sun kauce wa amsar, wasu tun daga lambobin farko. Matsalar lissafin ta kau tuni, manhajojin yau suna fitar da amsar ba gargada. Amma abin da ya kayar da manhajojin yana nan cikin teburin, kuma shi ne abin dubawarmu: ma'aunai da suke tafiya tare har rigireshan ya kasa rarrabe aikin wannan da na wancan. Masana suna kiran wannan hali maltikoliniyariti, sunan da ya samo asali daga aikin Ragnar Frisch na 1934. A nan za mu riƙa cewa tafiya tare.

Abin da ake son bayyanawa shi ne yawan masu aikin yi a Amurka, wanda ya tashi daga miliyan 60.3 a 1947 zuwa miliyan 70.6 a 1962. Ma'aunai shida ake da su don bayyana shi: jimillar arzikin da ƙasa ta samar, wato GNP, a biliyoyin dala, ma'aunin tashin farashi, yawan marasa aiki, yawan sojoji, yawan jama'a daga shekara 14 zuwa sama, da ita kanta shekarar. Teburin yana cikin manhajar R da sunan `longley`, don haka kowa na iya maimaita duk lissafin da ke ƙasa.

Idan aka ɗauki GNP shi kaɗai aka gwada shi da yawan ma'aikata, komai yana fitowa yadda hankali zai ɗauka. Nauyin da rigireshan ya ba shi 0.0348 ne, kuskuren kimarsa kuma, wato gwargwadon rawar da nauyin zai iya yi, 0.0017 ne. Fassararsa ita ce duk ƙarin dala biliyan ɗaya a GNP yana zuwa da ƙarin ma'aikata kusan 34,800. Arziki ya ƙaru, aiki ya ƙaru. Sai a zuba sauran ma'aunan biyar a ciki:

```r
m <- lm(Employed ~ ., data = longley)
summary(m)
car::vif(m)
```

| Ma'auni | Nauyi | Kuskuren kima | t | VIF |
|---|---|---|---|---|
| `GNP.deflator` | 0.0151 | 0.0849 | 0.18 | 135.5 |
| `GNP` | -0.0358 | 0.0335 | -1.07 | 1788.5 |
| `Unemployed` | -0.0202 | 0.0049 | -4.14 | 33.6 |
| `Armed.Forces` | -0.0103 | 0.0021 | -4.82 | 3.6 |
| `Population` | -0.0511 | 0.2261 | -0.23 | 399.2 |
| `Year` | 1.829 | 0.4555 | 4.02 | 759.0 |

R² na wannan samfurin, wato kason motsin da ya bayyana, 0.9955 ne, F kuma, gwajin ƙarfin samfurin a dunƙule, 330. A dunƙule dai ya bayyana kusan dukkan motsin yawan ma'aikata. Amma a dubi layin GNP. Nauyinsa ya juye daga 0.0348 zuwa -0.0358, kamar ana cewa ƙaruwar arziki tana rage ma'aikata, kuskuren kimarsa kuma ya ninka kusan sau ashirin. Yawan jama'a ma ya fito da alamar ragi. Ma'aunai uku cikin shida ba su kai ko kusa da matsayin da za a amince da su ba, alhali kowannensu shi kaɗai yana bin yawan ma'aikata sau da ƙafa. Wannan haɗin, samfuri mai ƙarfi da nauye-nauye masu rauni ko masu alamar da ta saɓa wa hankali, shi ne abu na farko da yake sa mai nazari ya tsaya.

Abin da ya rage wa GNP

Kafin a je ga VIF, ma'aunin yadda tafiya tare take kumbura kuskuren kima, sai an tuna abin da nauyi yake nufi a rigireshan mai ma'aunai da yawa. Nauyin GNP amsa ce ga tambaya takamaimiya: idan GNP ya motsa, sauran biyar ɗin kuma suka tsaya cak, me zai faru da yawan ma'aikata? Don amsa ta, lissafin ba ya amfani da dukkan motsin GNP. Yana fara cire duk ɓangaren motsin da sauran ma'aunan za su iya bayyanawa, sai ya yi aiki da ragowar kawai.

A shekarun nan 16, GNP ya tashi daga biliyan 234 zuwa biliyan 555, kusan kullum sama yake yi. Sau biyu kawai ya ja baya, a 1949 da 1954, su ma ɗan kaɗan. Farashi yana hawa, jama'a suna ƙaruwa, shekara kuwa dole ta ƙaru da ɗaya. Alaƙar GNP da shekara 0.995 ce, da farashi 0.992, da yawan jama'a 0.991. Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wanda aka gaya wa shekarar ya riga ya san GNP, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

VIF yana auna ƙanƙantar wannan ɗan abin. Ana ajiye yawan ma'aikata gefe ɗaya, a mai da GNP abin da ake bayyanawa, sauran biyar su bayyana shi, a ɗauki R² ɗin da ya fito:

```r
g <- lm(GNP ~ . - Employed, data = longley)
1 / (1 - summary(g)$r.squared)
```

R² ɗin 0.99944 ne, don haka VIF = 1 / (1 − 0.99944), wanda ya ba da 1788 da ɗoriya idan ba a datse lambobin ba. A lura cewa yawan ma'aikata bai shiga wannan lissafin ba ko kaɗan. VIF magana ce tsakanin ma'aunan da kansu. Ko da wani abu dabam ake son bayyanawa da su, VIF ɗinsu ba zai canja ba.

Lamba irin 1788 ba ta faɗa wa mutum komai sai an mai da ita dala. Warwatsuwar GNP daga tsaka-tsakinsa a teburin, a ma'aunin da R ke kira `sd`, dala biliyan 99.4 ce. Tushen murabba'in 1788.5 kuwa 42.3 ne. A raba 99.4 da 42.3, a samu 2.35. Wato bayan sauran ma'aunan sun kwashi rabonsu, motsin da ya rage wa GNP na ƙashin kansa bai wuce dala biliyan biyu da 'yan kai ba, a tattalin arzikin da ake lissafinsa da ɗaruruwan biliyoyi. A kan wannan ɗan tsiririn motsin aka ɗora nauyin -0.0358. Kamar mai son sanin ko gini ya karkace ne, amma aka ba shi igiyar awo mai tsawon ɗan yatsa.

Ga yadda wannan yake shiga kuskuren kima kai tsaye:

```
SE(b_j) = s / (sd_j * sqrt(n - 1)) * sqrt(VIF_j)
```

A nan `s` shi ne girman abin da samfurin ya kasa bayyanawa, 0.3049. A sa 99.4 a wurin `sd_j`, 16 a wurin `n`. Ɓangaren farko ya ba da 0.00079. Wannan shi ne kuskuren kimar da GNP zai samu da a ce ba ya da alaƙa da kowa. A ninka shi da 42.3, a samu 0.0335, daidai da abin da ke cikin tebur. Abin lura a nan shi ne VIF yana kumbura murabba'in kuskuren ne, shi kuskuren kansa tushen VIF ne yake ninka shi. VIF na 4 yana ninka kuskure sau biyu, na 9 sau uku, na 100 sau goma. Masu karanta VIF na 10 a matsayin "kuskure ya ninka sau goma" sun zarce. Sau uku da ɗan abu ne.

Yanzu a koma ga alamar ragin da ta tayar da hankali. Tazarar amincewa ta kashi 95 cikin 100 ga nauyin GNP ta kama daga kusan -0.112 zuwa 0.040. A bakin mutane, dala biliyan ɗaya tana iya zuwa da raguwar ma'aikata 112,000, tana kuma iya zuwa da ƙarin 40,000. Har 0.0348 ɗin da aka samu da farko yana cikin tazarar. Saboda haka samfurin bai ce arziki yana korar ma'aikata ba. Cewa ya yi da waɗannan bayanan ba zai iya rarrabewa ba. Tafiya tare ba ta karkatar da nauyi zuwa wani ɓangare. Idan samfurin daidai yake, kimar tana nan a tsakiyar gaskiya idan aka yi ta maimaita ɗibar bayanai. Abin da take yi shi ne faɗaɗa filin da kimar za ta iya faɗawa, kuma fili in ya yi faɗi har ya haɗa da sifili, alamar ragi ko ta ƙari ta zama sa'a kawai.

Me ya sa hasashe bai lalace ba

Mutum zai tambaya yadda samfuri mai irin wannan rawar zai ba da R² na 0.9955. Amsar ita ce kurakuran suna biyan bashin juna. GNP yana ƙaruwa da kusan biliyan 21 a kowace shekara. Idan aka ƙara 0.01 a nauyin GNP, aka rage 0.21 daga nauyin shekara, aka gyara mafarin layin, hasashen kowace shekara kusan ba zai motsa ba, don abin da aka ƙara ta nan an cire shi ta can. Akwai haɗe-haɗen nauyi masu yawa da duk suke dacewa da layuka 16 ɗin kusan daidai wa daida, lissafin kuma ya zaɓi ɗaya bisa ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba. A 1976 Beaton da Rubin da Barone sun nuna haka da waɗannan bayanan: sun ɗan taɓa alƙaluman a can ƙarshe, daidai gwargwadon abin da datse lamba yake jawowa, sai nauye-nauyen suka riƙa tsalle. Amsar da Longley ya sha wahalar samowa daidai ce a lissafi, amma ba ta fi bayanan da aka gina ta a kai ƙarfi ba.

A haɗa komai a gani. A shekara ɗaya ta tsaka-tsaki, shekara tana ƙara ma'aikata miliyan 1.83, GNP yana rage kusan 0.77, sauran huɗun a haɗe suna rage kusan 0.35. Abin da ya rage 0.71 ne, ainihin ƙaruwar kuwa kusan 0.68 ce a shekara. Kowane ɓangare shi kaɗai abin tuhuma ne, jimillarsu kuma ta yi daidai. Sai dai wannan kyawun yana da sharaɗi: ma'aunan su ci gaba da tafiya tare yadda suka saba. Ranar da aka nemi hasashen shekarar da GNP ya faɗi warwas alhali kalanda tana ci gaba, an fita daga layin da bayanan suka sani, kurakuran kuma sun daina biyan bashin juna.

Inda dokar "VIF ya wuce 10" take tuntuɓe

Littattafan koyarwa da yawa suna cewa VIF da ya haura 10, wasu su ce 5, alamar matsala ce. Teburin Longley ya nuna cewa wannan ƙa'ida ƙararrawa ce kawai, ba hukunci ba. Shekara tana da VIF na 759, kuskurenta ya ninka fiye da sau 27, amma t ɗinta, wato nauyinta idan aka raba shi da kuskuren kimarta, 4.02 ne. Yawan marasa aiki yana da 33.6, t ɗinsa -4.14. Dalili yana cikin lissafin kuskuren da ke sama: VIF ɗaya ne cikin abubuwa huɗu. Idan `s` ƙarami ne, ko ma'aunin yana da faɗin motsi, ko layukan suna da yawa, ana iya ɗaukar kumburin a kuma samu tazarar da za ta yi amfani. Wanda ya bi dokar ido rufe zai jefar da ma'aunai biyar cikin shida, har da biyu daga cikin ukun da suka fi tsayawa da ƙafarsu. Tambayar da ta dace ita ce ko tazarar amincewar nauyin da ake buƙata ta yi ƙunci har ta amsa tambayar da aka zo da ita. Ga GNP ba ta yi ba. Ga yawan marasa aiki ta yi.

Layin marasa aikin yana da wani darasin. Alaƙarsa da kowane ma'auni ɗaiɗai ba ta kai 0.7 ba, mafi girma ita ce da yawan jama'a, kusan 0.69. Wanda ya tsaya ga teburin alaƙa na biyu-biyu zai wuce shi, don alaƙar 0.69 ita kaɗai VIF ɗin da za ta haifar bai kai 2 ba. To daga ina 33.6 ya fito? Daga haɗin gwiwar sauran. Shekara tana nuna inda GNP ya kamata ya kai, GNP yana nuna inda ya kai. Giɓin da ke tsakaninsu shi ne koma-bayan tattalin arziki, kuma a nan ne rashin aiki yake tashi. A 1958 GNP ya tsaya kusan wuri ɗaya, daga biliyan 442.8 zuwa 444.5, marasa aiki kuma suka tashi daga miliyan 2.9 zuwa 4.7. Sauran ma'aunan a haɗe suna bayyana kashi 97 cikin 100 na motsinsa. Wannan shi ne abin da VIF yake gani wanda teburin alaƙa ba ya gani.

Sojoji ne kaɗai suka tsira da 3.6, kuma tarihi ne ya tsirar da su. Yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, yawan sojoji ya yi tsalle daga miliyan 1.65 zuwa 3.1 a 1951, ya kai kusan 3.6 a 1952, daga baya ya sauko a hankali. Babu wani ma'auni a teburin da ya yi irin wannan motsin, don haka sojoji suna da motsi nasu na kansu da lissafin zai kama. Nauyinsu ma ya zauna da kyau: a R ana ƙirga su dubu goma-goma, saboda haka -0.0103 yana nufin ƙarin sojoji 10,000 yana zuwa da raguwar ma'aikata kusan 10,300, kusan mutum ɗaya a madadin ɗaya.

Cire ma'auni da farashinsa

Maganin da ya fi zuwa wa mutane a rai shi ne a cire wasu cikin masu tafiya taren. A bar GNP ya wakilci huɗun da suke hawa tare:

```r
r <- lm(Employed ~ GNP + Unemployed + Armed.Forces, data = longley)
summary(r)
anova(r, m)
```

Nauyin GNP ya dawo 0.0408, kuskurensa 0.0022, VIF ɗinsa ya sauko 3.1, R² kuma 0.985. Ga ido, an warke. Amma abu biyu sun faru a ɓoye. Na farko, 0.0408 ɗin nan ba na GNP kaɗai ba ne. Yana ɗauke da aikin shekara da na yawan jama'a da na farashi, duk an lafta masa, don shi kaɗai aka bari ya wakilce su. Fassararsa ta gaskiya ita ce abin da ke faruwa idan GNP ya ƙaru da biliyan ɗaya tare da duk abin da ya saba ƙaruwa da shi. Wannan amsa ce mai amfani, amma ga wata tambaya dabam. Wanda ya ɗauke ta ya ce da gwamnati za ta ƙara GNP da biliyan ɗaya a cikin shekara guda za a samu ayyuka 40,800 ya faɗi abin da bayanan ba su faɗa ba.

Na biyu, ukun da aka cire ba 'yan rakiya ba ne. Gwajin `anova` ya ba da F kusan 6.9, alhali iyakar kashi 5 cikin 100 a wannan halin 3.86 ce. A haɗe suna ɗauke da bayani, mafi yawansa a hannun shekara. Cire su ya kuma taɓa maƙwabta: nauyin marasa aiki ya ragu daga -0.0202 zuwa -0.0080, na sojoji daga -0.0103 zuwa -0.0048. An sayi ƙuncin tazara da haɗarin karkata, kuma ita karkatar babu shafin da take fitowa a cikin `summary`. Shi ya sa barin manhaja ta yi ta cire ma'auni mafi girman VIF har kowa ya sauko ƙasa da 10 ba dabara ba ce. A nan GNP za ta fara jefarwa, shi da wataƙila don shi aka zauna yin nazarin.

Sauran hanyoyin kowacce da iyakarta. Ƙarin bayanai yana taimakawa, amma ba kowane iri ba: ƙarin shekarun da komai yake ci gaba da hawa tare ba zai ƙara wa GNP motsi nasa na kansa sosai ba. Shekarun da ya rabu da kalanda ake buƙata, ko bayanan jihohi da suka bambanta a shekara ɗaya. Ana iya aiki da canjin da ake samu daga shekara zuwa shekara a maimakon jimilla, wanda yake kawar da hawan da suka yi tarayya a kai, sai dai layi ɗaya zai tafi, tambayar kuma ta koma ta motsin gajeren zango. Ana iya raba GNP da farashi da yawan jama'a a samu arzikin kowane mutum na zahiri, ma'aunai uku su koma ɗaya mai ma'ana. Akwai kuma hanyar da Hoerl da Kennard suka gabatar a 1970, wadda take jan nauye-nauye zuwa sifili da gangan don ta rage rawarsu. Tana gyara hasashe, amma ba ta ƙirƙiro bayanin da babu shi. Cire tsaka-tsaki daga kowane ma'auni kuwa yana sauƙaƙa wa kwamfuta lissafi, yana kuma rage VIF idan ma'auni da murabba'insa ne suke tafiya tare, amma a teburin Longley ba zai canja VIF ko ɗaya ba, don alaƙar GNP da shekara tana nan ko daga ina aka fara ƙirga su.

Ga masu maimaita lissafin a Python akwai rami ɗaya. Aikin `variance_inflation_factor` na `statsmodels` ba ya ƙara mafarin layi da kansa, teburin da aka miƙa masa yake amfani da shi yadda yake. Idan ba a fara wucewa ta `add_constant` ba, R² ɗin da zai lissafa daga sifili yake aunawa, ba daga tsaka-tsaki ba, lambobin kuma za su fito dabam da na teburin sama. Idan aka ƙara shi, layin `const` zai fito da VIF mai girman gaske, wanda ba ya nufin komai game da ma'aunan. A tsallake shi a duba na GNP: 1788.5 ya kamata a gani.